Zakaran da ya fi ƙarfi a cikin marasa lafiya

1/ Jama'a, akwai wata magana da ke yawo a guruf-guruf ɗin masu koyar da hannun jarin Amurka: wai ka riƙe sashen da ya fi ƙarfi kawai, ka manta da dokar komawa tsabar kuɗi, "tana rage riba". Wallahi wannan shawara ce ta jefa mutum rami. Ku biyo ni.

2/ Ga yadda dabarar take. An kasa manyan kamfanonin S&P 500 sashe-sashe, kowane sashe da asusunsa: XLK na fasaha, XLE na man fetur, XLF na bankuna, XLP na kayan masarufi, da sauransu. Da tara aka fara a 1998, yanzu sun kai 11.

3/ Ƙarshen kowane wata sai ka duba abin da kowanne ya samu a 'yan watannin baya, misali wata shida. Ka jera su daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, ka raba kuɗinka daidai a kan ukun farko. Wata mai zuwa ka sake jerawa. Wanda ya faɗo ka sayar, wanda ya hau ka saya.

4/ Sai dokar da suke raina. Ka tara farashin rufewar S&P 500 na ƙarshen wata goma da suka gabata, ka raba da 10. In farashin yanzu yana ƙasa da wannan matsakaicin, ka sayar da komai ka zauna da dalarka. Mebane Faber ya yi rubutu kan wannan haɗin a 2010.

5/ Me ya sa dole? Saboda jerin nan gwada sassan yake da junansu kawai. Ko duka ajin sun faɗi jarabawa, sai an samu na ɗaya. Jerin ba zai taɓa ce maka "kada ka sayi komai" ba, kullum yana da zakaru uku da zai miƙo maka.

6/ Ku dubi 2008. A tsakiyar shekarar man fetur ne gwani, ganga ta kai dala 147 a Yuli. Mai bin ƙarfi zalla yana riƙe da XLE a lokacin. Kafin ƙarshen Disamba ganga ta dawo ƙasa da dala 40.

7/ To ina zai gudu? Babu ko sashe ɗaya cikin taran da ya gama 2008 da riba. Kasuwar ta faɗi da kusan kashi 37 cikin ɗari. XLP da ya fi kowa juriya ma ya yi asarar kusan kashi 15. Wato zakaran shekarar ma asara ya kawo.

8/ Mai bin dokar fa? A ƙarshen Disamba 2007 S&P 500 ya rufe a 1,468, matsakaicin wata goma kuma wajen 1,489. Yana ƙasa, don haka yana waje tun kafin guguwar. A Maris 2009 farashin ya gangaro har 676, shi yana zaune da kuɗinsa.

9/ Yanzu hujjarsu, don kada a ce na ɓoye: 2020. Ƙarshen Fabrairu kasuwa ta rufe a 2,954, ƙasa da matsakaici, sai doka ta ce fita. Ba ta ce dawo ba sai ƙarshen Mayu, a 3,044. Ka sayar da araha, ka sake saye da tsada.

10/ Gaskiya ne. Amma a lissafa mana. Daga 2,954 zuwa 3,044 maki 90 ne, wajen kashi 3 cikin ɗari. Shi ke nan abin da ake ta kururuwa a kai. Ɗora kashi 3 a gefe guda, ɗora faɗuwar 1,468 zuwa 676 a ɗaya gefen, wadda ta haura rabi.

11/ Kuma asara ba ta dawowa yadda ta tafi. In dala 1,000 ta zama 500, kashi 50 ka rasa, amma sai ka ci kashi 100 kafin ka koma inda kake. Wanda ya rasa kashi 3 kuwa, ɗan abin da ya haura 3 kawai yake nema.

12/ Dokar tana da ciwonta, kada wani ya ruɗe ku. Sau ɗaya take duba kasuwa a wata, don haka faɗuwar da ta zo cikin kwana goma sai ta same ka. In kasuwa tana hawa da sauka a wuri ɗaya, za ta yi ta fitar da kai tana dawo da kai, kowane zagaye da kuɗin dillali.

13/ Saboda haka duk wanda ya turo muku hoton ribar "sassa mafi ƙarfi", ku tambaye shi abu biyu. Daga wace shekara hoton ya fara? In bayan 2009 ne, ya yanke 2008. Sannan me tsarinsa ke saya a watan da duka sassa 11 suke faɗuwa? In ya ambaci sunan wani asusu, ku riƙe kuɗinku.