Zaman sirri ba hujja ba ce ta barin shafi fari a littafin taro

Jama'a, akwai wata ɗabi'a da ta zauna a ƙungiyoyinmu na gari, daga na Fadan Kagoma har rassan da ke Kafanchan, Kaduna da Abuja. Idan aka zo kan magana mai nauyi, shugaba ya ce baƙi da waɗanda ba 'yan kwamiti ba su ɗan ba da wuri, sai sakatare ya rufe littafi ya ajiye biro. A minit ɗin da za a karanta a taro na gaba, daga batu na huɗu sai a tsallaka zuwa na shida. Wani sakataren kuma akasin haka yake yi: ya rubuta komai, wane ya ce kaza, wance ta yi kuka, sannan a ɗauki hoton shafin a tura a WhatsApp. Ra'ayina shi ne dukansu biyu sun yi kuskure, kuma na farkon, wanda mutane ke ɗauka dattaku ne, shi ya fi jawo rigima daga baya.

Abin da ake rufe ƙofa dominsa shi ne muhawara da sunan mutum. Ana so dattijo ya faɗi gaskiya ba tare da tsoron gobe za a tare shi a kasuwa ba, ana kuma so a rufa wa wanda ake magana a kansa asiri. Amma cewa an zauna, da ƙarfe nawa, su wa suka zauna, da abin da aka yanke game da kuɗin jama'a, waɗannan ba sirrin kowa ba ne. Na masu biyan kuɗin wata ne.

Mu dubi yadda Majalisar Dattawa a Abuja take yi, domin duk mai kallon talabijin ya gani. Idan za su shiga zaman sirri, ana fitar da 'yan jarida da 'yan kallo. Da an buɗe ƙofa, Shugaban Majalisa yakan karanta gajeren bayani cewa an tattauna al'amuran da suka shafi ayyukan Majalisar Dattawa da na Majalisar Tarayya baki ɗaya, sannan ya tambayi sanatoci ko wannan shi ne ainihin abin da ya gudana, su amsa, ya buga guduma. Takardar ayyukan ranar kuma takan nuna lokacin da aka shiga da lokacin da aka fito. Tsarin yana da kyau, kuma shi nake so mu ɗauka: a nuna lokaci, a ba da rahoto a fili, waɗanda suka zauna su tabbatar. Abin da ba na so mu kwaikwaya shi ne jimlar kanta. "Al'amuran da suka shafi ayyukan majalisa" magana ce da za ta dace da kowane zama na kowace shekara, shi ya sa idan aka karanta ta sai kowa ya koma jiran abin da majiya za ta tsegunta wa jarida. Ƙungiyar gari da ta rubuta "an tattauna wasu al'amura" ta gayyaci irin wannan tsegumi ne, sai dai namu a gindin mangwaro ake yin sa.

Ko Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya bai yarda da shiru ba. Ƙa'idarsa ta 55 ta ce a ƙarshen kowane zaman sirri sai an fitar da sanarwa ta hannun Babban Sakatare, ta 51 kuma ta ba da damar a yi cikakken rahoton zaman a kwafi ɗaya tak, ya zauna a hannun Babban Sakatare. Ta haka aka gabatar da sunan António Guterres a watan Oktoba 2016: an zauna a asirce, an fito an faɗi abin da aka yanke. Wato littafi biyu ake da su, ɗaya na kowa, ɗaya na kulle.

Bari mu ɗauki misali irin namu, na ƙirƙira ne, kada kowa ya fara lissafin ko wa ake nufi. A ce wanda ke karɓar kuɗin wata a wani reshe bai shigar da naira 180,000 a asusu ba. Kwamitin zartarwa ya kira shi. A ciki ya bayyana cewa matarsa ce ta kwanta asibiti, ya taɓa kuɗin da niyyar mayarwa. Aka yi muhawara mai zafi, wasu na cewa a kai shi ga 'yan sanda, wasu na cewa ɗan gida ne. Daga ƙarshe aka yarda ya biya cikin wata shida, ya kuma miƙa littafin rasit ga ma'aji.

Sakataren da ya bar shafi fari ya haƙa rami uku. Bayan shekara, mai binciken kuɗi zai ga giɓin 180,000 ba tare da wata takarda da ta ce kwamiti ya san da shi ba, sai zargi ya faɗa kan ma'aji wanda bai ci ba bai sha ba. Idan mutumin ya daina biya a wata na uku, babu abin da za a nuna masa. Idan kuma aka yi zaɓe sababbin shugabanni suka hau, suna iya tayar da maganar daga tushe, su kunyata wanda ya riga ya biya rabi. Ƙungiyar da ta yi rajista da hukumar CAC a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020 ma dole ce ta ajiye bayanan kuɗinta, kuma amintattunta ne za a tambaya.

Sakataren da ya rubuta komai kuma ya saka ciwon matar mutum a takardar da za ta zaga wayoyi ɗari. Dokar kare bayanan mutane ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanin lafiya cikin bayanan da ke buƙatar kariya ta musamman. Idan kuma ya rubuta "ya ci kuɗin ƙungiya" alhali babu kotun da ta ce haka, ya buɗe wa kansa da ƙungiya ƙofar ƙarar ɓata suna.

Ga yadda nake ganin ya kamata a rubuta a babban littafi:

"Batu na 5. Da ƙarfe 2:40 na rana, bisa shawarar da mataimakin shugaba ya kawo kuma aka goyi baya, kwamiti ya shiga zaman sirri domin duba batun kuɗin wata da ba a shigar a asusu ba. Mambobi tara ne suka zauna, tare da mai binciken kuɗi da aka gayyata. An fito da ƙarfe 3:25. Shugaba ya ba da rahoto cewa kwamiti ya amince da tsarin mayar da naira 180,000 cikin wata shida, kuma ma'aji zai riƙa ba da rahoton abin da ya shigo a kowane taro. Mambobi sun tabbatar da rahoton. Cikakken bayani yana littafin sirri, lamba 3."

Ku lura da abin da ke ciki da abin da babu. Akwai dalilin rufe ƙofa, kuma an faɗi irin maganar: kuɗi ne, ba rikicin fili ba, ba neman taimako ba. Akwai adadi, domin kuɗin jama'a ne. Akwai wanda aka ɗora wa aiki. Babu suna, babu reshe, babu asibiti, babu wanda ya ce a kira 'yan sanda. Idan an kaɗa ƙuri'a ana iya rubuta shida da uku, amma ba a rubuta wa ya tsaya ina.

Wurin da sakatarori masu kyakkyawar niyya suka fi zamewa shi ne siffantawa. Su cire suna, sannan su rubuta "wani tsohon malamin makaranta da ke karɓar kuɗi a reshen Kaduna". A gari kamar Fadan Kagoma, inda idan ka faɗi unguwa da sana'a an riga an san gidan da kakan mutum, wannan suna ne da aka sa wa hula. Gwajin mai sauƙi ne. Kafin a sa hannu, a ba wani ɗan gari da bai halarci zaman ba ya karanta sakin layin, a tambaye shi abu biyu: ka gane me aka yanke? Ka gane wane ne? Amsar da ake nema ita ce i ga ta farko, a'a ga ta biyu. Wani lokaci adadin kuɗin kansa yana tona asiri, misali idan taimakon jinya ne kuma kowa ya san mutum ɗaya ne ke kwance a wannan watan. A nan sai a rubuta cewa an amince da taimako daga asusun jin daɗi bisa iyakar da tsarin mulkin ƙungiya ya sa, adadin ya fito a jimillar rahoton ma'aji na ƙarshen wata uku.

Littafin sirrin shi ma ba wurin kwashe hira ba ne. Sunan mutumin, adadin, ranakun biya, takardar da ya sa wa hannu, sun isa. Shugaba da sakatare su sa hannu, a ajiye kwafi ɗaya a takarda, ba a waya ba. Littafin ƙa'idojin taro na Robert, wanda ya fara fitowa a Amurka a 1876, yana kan cewa rahoton zaman sirri a zaman sirri ake karanta shi a amince da shi. Saboda haka a taro na gaba kada sakatare ya manta ya karanto shi gaban kowa. Idan wa'adi ya ƙare, a miƙa littafin ga sabon sakatare gaban amintattu, a rubuta cewa an miƙa.

Na san abin da wasu iyayenmu za su ce: da zarar an rubuta "kuɗin da ba a shigar ba", an ta da kunnen mutane, za su yi ta tono har su gano. Akwai gaskiya a ciki. Amma mutane sun riga sun ga an fitar da su daga ɗaki na minti arba'in da biyar, kunnen ya riga ya tashi. Bambancin shi ne ko za su tafi gida da sanin cewa an yanke shawara kuma kuɗin zai dawo, ko su tafi da zaton cewa shugabanni sun raba wani abu a tsakaninsu. Wasu kuma daga ɗaya gefen za su ce ai ɓoye sunan rufa wa mai laifi asiri ne. Amsata ita ce rufin yana da wa'adi, kuma ya kamata a rubuta wa'adin a littafin sirri tun ranar: idan ya saɓa biya sau biyu a jere, maganar ta koma babban taro da sunansa.

Abin da nake roƙon kwamitin gyaran tsarin mulkin ƙungiya shi ne sakin layi ɗaya. Ya lissafa abubuwan da za a iya rufe ƙofa dominsu: ladabtarwa, lafiya da halin rayuwar mamba, maganar da ke gaban kotu ko fadar Kpop Gwong, da tsaro. Ya kuma ce ba za a fitar da ko naira ɗaya daga asusu bisa shawarar zaman sirri ba sai an karanta shawarar a fili, an rubuta ta a babban littafi, da lambar da ke nuna inda sauran bayanin yake.