Hangen Dala ko Shiga Birni: Yawon Hutu a Jirgin Ruwa ga Sabon Shiga

Daga cikin hanyoyin yawon buɗe ido da suka yi tashe a wannan zamani akwai hutun jirgin ruwa, watau mutum ya kama ɗaki a wani makeken jirgi, ya ci a ciki, ya kwana a ciki, jirgin na tafe da dare, gari na wayewa ya tsinci kansa a wata sabuwar tasha. Kamfanonin da ke wannan harka sun fi kwaɗaita wa wanda bai taɓa fita hutu ba, da hujjar cewa a mako guda zai taka ƙasashe uku. Maganar tasu ba ƙarya ba ce. Sai dai ra'ayin wannan maƙala shi ne, irin wannan tafiya ta fi dacewa da wanda jirgin kansa yake so, wanda kuwa birane ne a ransa, ya kamata ya ɗauki alƙalami ya yi lissafi tukuna.

A ɗauki zagayen da aka fi sani a yammacin Bahar Rum, na kwana bakwai, wanda kan tashi daga Barsalona ta ƙasar Sifen, ya taɓa Marsel ta Faransa, ya bi wasu tashoshin Italiya, sa'an nan ya komo. A takardar talla za a ga an rubuta Rum a jerin wuraren da za a tsaya. To amma birnin Rum ba a bakin teku yake ba. Inda jirgin ke tsayawa shi ne Cibitabekiya, kimanin kilomita 80 daga birnin, tafiyar awa guda ko fiye a jirgin ƙasa.

A ƙaddara jirgin ya iso da ƙarfe 7 na safe, zai kuma tashi da ƙarfe 7 na yamma. A takarda awa 12 ke nan. Kafin a ba da izinin sauka, a karya kumallo, a bi layin fita, ƙarfe 8 ta yi. Daga gindin jirgi sai an shiga bas zuwa bakin tashar, domin ba a barin mutane su yi ta yawo da ƙafa a tsakanin manyan motoci, daga can kuma a nemi tashar jirgin ƙasa. Wanda ya yi sa'a ya samu jirgin ƙarfe 9, zai sauka a Rum bayan ƙarfe 10. Ta ɗaya ɓangaren kuwa, ƙa'ida ita ce kowa ya kasance cikin jirgin ruwa rabin awa kafin tashi, saboda haka mai hankali zai bar Rum wajen ƙarfe 4, don ya bar wa kansa rata ko da jirgin ƙasa zai yi latti. Awa 12 ta koma ƙasa da 6. A cire lokacin cin abincin rana, a cire tsayuwa a layin shiga fadar Batikan ko tsohon dandalin Kolosiyam, abin da ya saura bai wuce na ganin wuri ɗaya ko biyu a gurguje ba. Wannan shi ne hangen Dala da Hausawa suka ce ba shiga birni ba ne. Matafiyin zai dawo da hotuna, amma bai ga birnin da dare ba, bai zauna a dandalinsa bayan baƙi sun watse ba.

Ratar nan da aka ambata ba ta wasa ba ce. Jirgi yakan jira waɗanda suka fita a motocin rangadin da kamfanin ya shirya, idan cunkoso ya riƙe su. Wanda ya fita da ƙashin kansa kuwa, in ya makara, jirgi tafiyarsa zai yi, shi kuma ya bi shi zuwa tasha ta gaba da kuɗin aljihunsa. Tsoron haka ne ke sa sabon shiga ya sayi rangadin kamfani a kan kuɗin da ya ninka na tikitin jirgin ƙasa sau da yawa, kuma daga nan ne maganar kuɗi ke somawa.

Kuɗin da ake rubutawa da manyan baƙaƙe a talla galibi na ɗaki mafi araha ne, na can tsakiyar jirgi, wanda ba shi da taga, kuma na mutum ɗaya ne bisa sharaɗin cewa su biyu ne a ɗakin. Wanda ya tafi shi kaɗai yakan biya kusan ninki. A ƙaddara kuɗin ya kama Yuro 700. A kan wannan akwai ladan ma'aikata da ake ɗora wa kowane fasinja kullum, wanda in aka sa shi Yuro 12 a dare, ya zama 84 a mako. Rangadi uku a kan 80 kowanne, 240 ke nan. Lemo da ruwan kwalba da intanet, waɗanda yawanci ba sa cikin kuɗin farko, a ba su 100. Jimilla ta haura 1,100, alhali ba a sa kuɗin jirgin sama zuwa Barsalona ba, da na masaukin daren da ya kamata a kwana can kafin ranar tashi, da na biza. Mai fasfon Nijeriya ko Nijar sai ya nemi bizar Turai, in kuma jirgin zai ratsa wata tasha a waje, kamar Tunis, sai ya tabbata bizar tasa mai shiga fiye da sau ɗaya ce. Abin da ke sa kashe kuɗi ya yi sauƙi a jirgi shi ne ba a taɓa tsaba. Kati guda ne mabuɗin ɗaki, shi ne kuma aljihu, sai daren ƙarshe takardar bashi ta iso.

Duk da haka, adalci ne a faɗi abin da jirgin ya fi. Wanda bai taɓa fita ba, ba ya jin Italiyanci ko Sifananci, kuma yana tare da tsoho ko ƙananan yara, an ɗauke masa babban nauyi. Sau ɗaya zai kwance kayansa. Makwanci da abinci sau uku da sufuri tsakanin ƙasashe duk suna cikin kuɗin da ya riga ya biya, kuma in aka tara su ɗaya bayan ɗaya a ƙasa, ba lalle ne su zo da sauƙi ba.

Sai batun cunkoso. Jiragen yanzu garuruwa ne masu tafiya. Akwai wanda ya fara aiki a 2024 da ke iya ɗaukar fasinja har 7,600, ban da ma'aikata. A cikin jirgi ba kullum ake jin yawan ba, sai a ɗakin cin abinci da safe, da bakin tafkin wanka a ranar da ba a tsaya ko'ina ba. Inda abin ke bayyana shi ne a ƙasa, domin kowa lokaci ɗaya yake sauka, wuri ɗaya kuma ya nufa. A tsibirin Santorini na ƙasar Girka manyan jirage ba sa raɓar gaɓa, sai a yi jigilar mutane a ƙananan jirage, sa'an nan su bi layin keken igiya mai hawa da su kan dutse, ko su taka matakala kusan 600. In jirage huɗu suka haɗu rana guda, layin kaɗai na iya cinye awa. Ƙorafin mazauna da ɓarnar da manyan jirage ke yi ne suka sa Italiya ta hana su ratsa tsakiyar birnin Banis tun daga 2021.

Saboda haka kafin sabon shiga ya biya, ya duba lokacin isowa da na tashi a kowace tasha, da nisan tashar daga birnin da aka rubuta, da yawan jiragen da za su tsaya a ranar, wanda tashoshi da yawa kan wallafa. Tasha irin ta Baleta a Malta ko Falermo a Sisili, inda ake sauka a shiga gari da ƙafa, awa 8 ɗinta ta fi 12 ɗin Cibitabekiya amfani. Wanda kuwa burinsa Rum ce, gara ya kama masauki a cikinta ya yi kwana huɗu.