Wasiƙar ɗan fansho ba takardar bara ba ce

'Yan'uwa marubuta, idan fanshon dattijo ya maƙale wata da watanni, mu ake kira a unguwa mu rubuta wa hukumar fansho wasiƙa. Kuma mu ne muke kashe ta. Sai mu cika shafi da kirari da "a dubi girman Allah a taimaka", kamar mutumin da ya yi wa gwamnati aikin shekara 35 sadaka yake roƙo.

Fansho haƙƙi ne. Sashe na 210 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya hana a riƙe wa ma'aikacin jiha fanshonsa.

Wasu za su ce ladabi ne. To, ladabi gaisuwar layi ɗaya ta wadatar da shi. Akawu ba ya nemo fayil da tausayi, da lamba yake nemowa. Mu rubuta lambar fayil, da ma'aikatar da Baba ya bari, da ranar tantancewar ƙarshe. Sannan lissafi: misali Maris zuwa Agusta, wata shida, naira 40,000 kowane wata, jimla 240,000. Mu nemi amsa a rubuce, a buga wa kwafinmu hatimin karɓa.

Wasiƙar roƙo ana iya jefa ta a durowa. Mai lissafi da hatimi kuwa, shaida ce gobe.