Yadda ake ba da maki a jarrabawar Lauya: cinikin babur ɗin Audu

A wannan makon za mu zaunar da masu sha'awar karatun lauya a kujerar malami, jan biro a hannu, su ga yadda muke raba maki.

Ga irin tambayar da ake yi wa ɗaliban dokar ciniki a jami'a. Audu ya yi wa Bala tayin babur ɗinsa a kan naira dubu 500. Bala ya ce, "Na saya dubu 450." Audu ya ce albarka. Washegari Bala ya dawo da dubu 500 cif, Audu ya ce ya fasa. Shin Bala zai iya kai ƙara cewa an saɓa yarjejeniya?

Ana gina amsa a mataki huɗu, tsarin da ake kira IRAC a taƙaice. Ɗalibi zai fara gano batun da ake taƙaddama a kai, ya kawo ƙa'idar doka, ya ɗora ta a kan labarin, sannan ya yanke hukunci. Rabon maki ya danganta da malami, amma mu ɗauka maki 20 ne: batu 3, ƙa'ida 5, ɗorawa 9, hukunci 3.

Takarda ta farko ta cika shafi biyu da rubutu mai kyau. Mai ita ya ce batun shi ne "ko akwai yarjejeniya". Mun ba shi 1, domin wannan jimla za ta shiga kowace tambayar ciniki. A ƙa'ida kuwa ya yi zarra. Ya kawo shari'ar Hyde da Wrench da aka yi a Ingila a 1840, wadda ɗaliban Nijeriya ke karantawa saboda dokar cinikinmu ta samo tushe daga can. Wrench ya sa gonarsa fam 1,000, Hyde ya taya 950, aka ƙi, sai ya dawo ya ce ya yarda da 1,000. Kotu ta ce babu ciniki, domin sabon tayi yana kashe na farko. Maki 5 cikakku. Daga nan sai ɗalibin ya yi tsalle ya rubuta, "Saboda haka Bala ba shi da gaskiya." Hukuncin daidai ne, ya ci 3. To amma ina babur? Ina dubu 450? Ko sau ɗaya bai taɓa labarin da aka ba shi ba. Ɗorawa 1, jimla 10.

Muna da dabarar gane irin wannan takarda. Sai mu rufe layin ƙarshe da hannu mu karanta sauran. In babu Audu babu Bala a ciki, hadda aka juye mana.

Takarda ta biyu ba ta kai shafi ɗaya ba. Mai ita ta ce batun shi ne ko maganar Bala ta dubu 450 ta kashe tayin Audu. Maki 3. Ta faɗi ƙa'idar daidai, sai dai sunan shari'ar ya kwanta mata, muka ba ta 3. Sannan ta bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya. Bala cewa ya yi "na saya", kuma ya ambaci wani farashi daban, ke nan ya ture na Audu ya kawo nasa. Da ya dawo washegari babu sauran tayin da zai karɓa. Kuɗin da ya kawo sabon tayi ne, Audu na da ikon ya sallama ko ya ƙi. Har ta hango abin da lauyan Bala zai ce, wato ai tambaya kawai ya yi. Ta amsa cewa da "Ba ragi?" ya ce, da tayin Audu na nan da ransa, amma wanda ya yanka farashi ya wuce mai tambaya. Ɗorawa 8, hukunci 3, jimla 17.

Maki ɗayan da ta rasa a ɗorawa na shari'ar Stevenson da McLean ne ta 1880, inda kotu ta ce neman ƙarin bayani ba ya kashe tayi. Da ta jingina hujjarta da ita, da mun cika mata tara.

Akwai ta uku, wadda kan ba sababbin ɗalibai mamaki. Mai ita ya gano batun, ya kawo shari'o'in biyu, ya auna maganar Bala da su, amma ya ɗauke ta a matsayin tambaya, ya ce Bala zai ci nasara. Hukuncin kuskure ne, sifiri. Duk da haka ya sami 3 da 5, da kuma 5 a ɗorawa, domin mun ga hanyar da ya bi da daidai inda ya zame. Ya tashi da 13, maki uku sama da wanda ya dace da amsar.