Ka kashe bashin tun da wuri, ko ka bar kuɗin cikin asusu?

Lokacin kaka, idan an saida wake da albasa, ko ɗan bida ya aiko da saƙo daga Abijan ko Aljeriya, tambaya ɗaya ke yawo a majalisu: ina da bashin banki ko na asusun bada rance, ga ɗan rara ya shigo hannu, in kai in biya gaba ɗaya ko in ajiye? Ra'ayina shi ne: ka biya mafi yawa, amma kar ka bar aljihu wayam, kuma kar ka kai ko dala gishe sai ka san yadda ake lissafa ma ka kuɗin ruwa.

Mu fara da abin da ke bayyane. A ƙasashen da ke aiki da sefa ta BCEAO, ribar da ake ba mai karnen ajiya kashi 3 da rabi ce cikin 100 a shekara. Su kuwa asusun bada rance, doka ta yarda su kai har kashi 24 cikin 100 a shekara, in an haɗa ruwa da sauran kuɗaɗen da ake cirewa. Wato kuɗin da ka ajiye rarrafe suke, bashin da ke kanka kuwa gudu yake. Ga wanda ba ya karɓar ribar ajiya saboda addini, kuma suna da yawa cikinmu, ajiyar ba ta haifar ma shi komi, kowane wata da bashin ya ƙara kwana kuwa ruwa ne ya ƙaru.

Ga misali. A ce wata mai saida atamfa a babbar kasuwar Maradi ta ɗauki jaka 600, za ta biya cikin wata 12. Kowane wata tana maida jaka 50 daga uwar kuɗi, ruwa kuma kashi 1 da rabi cikin 100 a wata bisa abin da ya rage. Ta biya wata shida, saura jaka 300. Sai ga jaka 300 sun shigo hannunta bayan cinikin salla.

In ta ci gaba da biya wata-wata, ruwan da ke jiran ta shi ne sefa 4.500, sannan 3.750, 3.000, 2.250, 1.500, sai 750 a watan ƙarshe. Jimilla 15.750. In ta kai jaka 300 ɗin cikin karne ta bar su wata shida, ribarsu ba ta wuce 5.250 ba. Ke nan kashe bashin ya fi ajiyar da sefa 10.500. Ko da yarjejeniyar ta ce akwai tarar biya da wuri, a ce kashi 2 cikin 100 na abin da ya rage, jaka 6 ke nan, har yanzu ta tsira da 9.750, sun fi ribar karne.

To amma ba duka bashi ake lissafawa haka ba, kuma nan mutane ke faɗawa rami. Wasu wurare ana ɗora ruwan bisa uwar kuɗin farko ne, daga watan farko har na ƙarshe. A ce kashi 1 cikin 100 na jaka 600: jaka 6 kowane wata, ko bashin ya ragu ko bai ragu ba. Gane shi ba wuya. Duba takardar jadawalin biyan da aka ba ka ranar da ka sa hannu. In kuɗin ruwa na raguwa daga layi zuwa layi, bisa saura ake lissafi. In lamba ɗaya ce daga sama har ƙasa, bisa uwar kuɗin farko ne. A irin wanga bashi, ruwan wata shida da ya rage jaka 36 ne. In za a yafe su ga wanda ya biya da wuri, garzaya ka biya yau. In kuwa an ce sai ka biya su duka ko da ka kawo kuɗin yanzu, biyan wuri bai rage ma ka ko dala ba, gara ka bar kuɗinka cikin karne kana cirewa kana biya kan lokaci. Saboda haka tambayar da za ka yi ma'aikacin ita ce: “In na kashe bashin yau, nawa zan biya daidai, kuma nawa aka cire mini?” Ka ce ya rubuta ma ka, don maganar baka ba ta da sheda.

Yanzu ga inda nake rabuwa da masu cewa a kwashe duka a kai. Kuɗin da ka miƙa a gishe ba su dawowa. In yaro ya kwanta da zazzaɓi cikin damina, ko aka rubuto magani mai tsada, ko hatsi ya ƙare a rumbu kafin sabon gero ya nuna, asusun ba zai maido ma ka abin da ka biya ba. Sabon rance kuwa sai an sake takardu, an sake biyan kuɗin buɗe dosiye, an jira kwanaki. Mai larura ba ya jira. Sai ka ga ya saida tunkiya da asara, ko ya nufi mai bada bashi na unguwa wanda zai ba shi jaka 50 ya amshi 55 ƙarshen wata. Wata uku a hannun irin wannan mutum, jaka 15 sun tafi, kusan duk abin da aka tsira da shi.

Shi ya sa nake ganin hanyar tsakiya ta fi. Mu koma ga mai atamfa. A ce ta kai jaka 200, ta riƙe jaka 100 cikin karne. Saura bashi jaka 100. In ta ci gaba da maida jaka 50 a wata, cikin wata biyu ta gama, ruwan da za ta biya 1.500 da 750, wato 2.250. Daga cikin 15.750 ɗin nan ta tsira da 13.500, ga kuma jaka 100 tana riƙe da su don ranar tsiya. Sefa 2.250 kawai ta biya ta sayi kwanciyar hankali, ba su kai kuɗin buhun gawayi ba.

A lura da abu guda a nan. Ma'aikaci na iya ce ma ta: bari mu raba jaka 100 ɗin cikin wata shidan da suka rage, biyan wata ya yi sauƙi. Da daɗin ji, amma ruwan zai zama 5.250 maimakon 2.250. In cinikinta na ɗaukar jaka 50 a wata, ta nemi a rage yawan watanni, a bar biyan wata yadda yake. Kuma ta tabbatar an rubuta kuɗin cikin uwar bashi an ba ta sabon jadawali, kar a ajiye su gefe a matsayin biyan watanni masu zuwa, ruwa na ci gaba da hawa.

Wani zai ce: ai ni ajiya ba ta zama hannuna, biki da suna da 'yan uwa za su cinye ta. Gaskiya ne, kowa ya san halinsa. In ka san haka kake, rage abin da za ka riƙe, ka sa shi inda fiddawa sai da tafiya da sa hannu, ba cikin salula ba. Amma ko yaya, riƙe abin da zai ciyar da gida wata guda da kuɗin magani.

Bashin ɗan uwa ko maƙwabci da ba ruwa a kansa, shi lissafinsa daban. Ba ya ƙaruwa da sefa, amma mai shi yana ganin ka in ka yi sabuwar riga. In ka samu, kai ma shi, don shi ne zai sake buɗe ma ka ƙofa gobe.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba abin kunya ba ne. Kafin ka yanke shawara, fiddo takardar jadawalinka yau da dare, ka haɗa ruwan watannin da suka rage, gobe ka je gishe da lambar a hannu. Allah ya raba mu da nauyin bashi, ya sa albarka cikin nema.