Jawabin Maraba Ko Haɗa Husuma?

Jama'a, yau da masu jawabin maraba a liyafar biki nake.

Kwanan baya aka aurar da wata ƙanwata. Gidanmu babba ne, na angon ma haka. Mai gabatarwa ya karɓi lasifika, ya shafe minti 20 yana jero alhazai da 'yan kwangila. Baffan ango an kira shi sau uku. Waliyyin amarya sai can ƙarshe. Gwaggon da ta riƙe yarinyar tun daga yaye kuwa, ko sunanta bai ambata ba. Tsohuwa ta ja mayafinta ta fice, har yau ba ta taka ɗakin amarya ba.

Wai mantuwa ce. To, yaya aka yi bai manta da masu kuɗi ba? Sanƙiran da muke rainawa ya san asalin kowane gida kafin ya buɗe baki. Namu ɗan bokon kuwa girman babbar riga yake dubawa.

Gyaran ba wuya. Tun ana gobe ya sami dattijo ɗaya daga kowane gida, ya rubuta sunaye. Bayan sallama da addu'a, ya fara da waliyyin amarya da wakilin ango. Sannan dangin uba da dangin uwa, in ya kira ɗaya nan, ya kira takwaransa can. Sauran ya gaishe su a dunƙule. Minti biyar ya isa.

Wanda ba zai iya wannan ba, don Allah ya ajiye lasifikar mutane.