Kafin ka kai fuskar ɗan'uwanka Makka, ka tambaye shi

Jama'a, makon jiya na je Umara ba tare da na sani ba.

Ɗan yayata ne ya ɗauko hoton da muka yi a wurin wani ɗaurin aure, ya loda shi a Gemini, ya sa aka fito da ni sanye da harami a gaban Ka'aba. Ya ɗora a status ɗinsa na WhatsApp, ya rubuta a ƙasa cewa Allah ya kai Kawu bana. Wallahi addu'a yaron ya yi mini. Amma wani ya kwafe hoton ya tura gaba, rubutun bai bi shi ba.

A makon na karɓi izinin kwana uku a ofis don jinyar Hajiyarmu. Ranar da na koma, oga ya kira ni ya ce, "Malam, ashe asibitin naku a Saudiyya yake?" Da yamma kuma abokin da yake bi na naira 150,000 ya bugo: "Alhaji, a sha Zamzam lafiya, amma a tuna da mu." Oga ya gamsu da na nuna masa takardun asibiti. Shi kuwa abokin nawa har yau gaisuwarmu ba ta koma daidai ba.

Da na tuhumi yaron sai ya ce, "Kawu, ai hoton yana shafinka na Facebook, kowa yana gani." Nan kuskuren yake, kuma manya da yawa ma haka suke tunani. Na yarda a ga hotona a wurin ɗaurin aure, domin na je wurin. Ban yarda a yi amfani da fuskata a ba da labarin abin da bai faru ba. Wanda ya haɗa hoton bai san wa nake ɓoye wa talaucina ba, bai san me na faɗa a ofis ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wani zai ce ai ana gane na bogi. Da can ne, lokacin da yatsu ke fitowa shida. Nawa sai da na buɗa shi sosai kafin na ga an goge tabon da ke goshina, agogon kuma ba nawa ba ne. 'Yar alamar tauraro da manhajar ke sawa a kusurwa, wanda ya tura ya yanke ta. Akwai ɓoyayyen hatimi da Google ke sawa mai suna SynthID, amma wa zai tsaya bincikensa a majalisar unguwa? Status awa 24 yake yi ya ɓace, wanda aka kwafe kuwa ya tafi ke nan.

Ni a ganina tambayar sau biyu ake yin ta. Ta farko kafin ka loda hoton, domin da ka loda, fuskar mutum ta bar wayarka ta shiga na'urorin kamfani, ko da ba ka nuna wa kowa sakamakon ba. Ka faɗa masa a fili: zan sa ka a kaza, da tufafi kaza, tare da wane. Ta biyu bayan hoton ya fito, ka tura masa shi kaɗai ya gani, ka gaya masa inda za ka ɗora. Manhajar takan ƙara abin da ba ka nema ba. Mace za ta iya amincewa da hoton barka da Sallah, ya fito mayafi ya zame, ko da kwalliyar da ba ta fita da ita. Matar aure ce ko budurwa mai manemi, kun san inda maganar za ta kai.

Kuma a kula da kunyarmu. Ƙanwarka ko ƙaramin ma'aikacinka zai yi wuya ya ce maka a'a. Idan ya yi murmushi ya ce "to, duk yadda ka gani", ka bar shi. Ko Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ce shiru ba amincewa ba ne, kuma wanda ya amince yana da damar janyewa. Dokar ta sassauta wa abin da mutum ya yi na cikin gida, don haka ba maganar kotu nake yi ba, mizanin nake so mu ara. Yaro ƙarami a tambayi iyayensa. Mamaci kuwa a tambayi matarsa da 'ya'yansa kafin a zaunar da shi cikin jikokin da bai taɓa gani ba.

Ɗan yayata ya goge, ya ba ni haƙuri, na kuma yafe. Addu'arsa dai na karɓa, Allah ya kai mu da ƙafafunmu. Alhaji mai bi na bashi, idan kana karantawa, ina nan gida, ƙarshen wata in sha Allahu.